Idan Larabci da boko suka haɗu a layi ɗaya suka hargitse: yadda ake gano ciwon da yadda ake gyarawa

Duk shekara idan lokacin walimar sauka ya zo, shagona da ke kusa da Babban Masallacin Juma'a na Jos ba ya rabuwa da malaman Islamiyya. Kowa da katin gayyatarsa, kuma kusan kowane kati Hausa ce da boko an yayyafa mata Larabci: sallama, sunan sura, sunayen ɗalibai. A nan ake samun abin da ke sa mutum ya yi zaton wayarsa ta samu taɓin hankali. Ka rubuta jimla daidai, ka duba sikirin ka ga ƙarshenta ya dawo farko, ɗigo ya tsallaka hagu, lamba ta bar gurbinta.

Bara wani malami daga Anguwan Rogo ya turo min rubutun katinsu ta WhatsApp, da rana kuma ya iso da kansa, ransa a ɓace. Ya miƙo min wayar ya ce, "Duba nan, ɗana. Yarinyar da ta zo ta ɗaya ta koma ta uku. Ubanta ya riga ya gani, har ya kira ni." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, kada a goge komai tukuna. Rubutun lafiyarsa lau, nuna shi ne aka yi a karkace." Da wannan katin zan yi bayani, domin kusan duk nau'in hargitsin da nake gani yana cikinsa.

Ba zan sa Larabci na gaske a misalan ba, don kada sikirin ɗinka ya juya su yadda ya ga dama, in nuna maka abu kai kuma ka ga wani. Duk kalmar da na rubuta da MANYAN BAƘAƘE, ka ɗauka da Larabci aka buga ta.

Fara da tantance wane ciwo ne

Abubuwa huɗu ne mutane ke kawo min da suna ɗaya, "ya hargitse", kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan ka ga tarkace irin `Ø§Ù„` a inda Larabci ya kamata ya kasance, wannan ba maganar hagu da dama ba ce. Fayil ne da aka ajiye da `UTF-8` aka buɗe shi da wani tsarin. Ya fi faruwa idan an danna fayil ɗin `CSV` kai tsaye ya buɗe a Excel, kuma maganinsa a shigo da shi ta `Data`, sai `From Text/CSV`, a zaɓi `65001: Unicode (UTF-8)` a wajen `File Origin`. Idan kuwa ƙananan akwatuna ka gani, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da harafin. Idan baƙaƙen Larabcin sun rarrabu, kowane yana tsaye shi kaɗai kamar a darasin farko na makarantar allo, kuma suna tafiya daga hagu, manhajar ce ba ta iya haɗa Larabci ba, zan zo kanta a ƙarshe.

Na huɗun shi ne namu: kowace kalma daidai take, baƙaƙenta a haɗe, amma jerin kalmomin ne ya rikice.

Abin da na'ura ke yi a ɓoye

Waya da kwamfuta suna ajiye rubutu a jerin da ka buga shi, harafi bayan harafi, ba ruwansu da hagu ko dama. Sai an zo nunawa a sikirin ne wata ƙa'ida ta Unicode take yanke hukuncin inda kowane abu zai zauna. A wannan ƙa'idar baƙaƙen boko sun san hanyarsu, hagu zuwa dama. Baƙaƙen Larabci da na ajami su ma sun san tasu. Amma tazarar da ke tsakanin kalmomi, da waƙafi, da ɗigo, da karan ɗori, 'yan rakiya ne, ba su da alƙibla ta kansu. Idan maƙwabtansu na gaba da baya duk Larabci ne, sai su bi Larabci. Idan duk boko ne, su bi boko. Idan maƙwabtan sun saɓa, sai su bi alƙiblar sakin layin gaba ɗaya.

Ita kuma alƙiblar sakin layi, idan ba wanda ya faɗa wa na'ura, harafin farko take dubawa. Ba lamba ba, ba alama ba, harafi. In na Larabci ne, duk sakin layin ya zama na dama zuwa hagu, ko da sauran kalmomi hamsin ɗin Hausa ce da boko.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar cewa rubutun da ke ajiye daidai yake. Kwafe layin ka zuba a sabon shafin Word, ka danna `Ctrl+H`, a akwatin sama ka buga tazara ɗaya, a na ƙasa ka buga `^p`, sannan `Replace All`. Kowace kalma za ta sauka a layinta, daga sama zuwa ƙasa, a jerin da aka buga ta. Idan ka karanta ya tafi daidai, aikinka mai sauƙi ne. Idan a nan ma a hargitse yake, to wani ya riga ya yi masa "gyara", ko daga `PDF` aka kwafo shi, wanda sau da yawa yakan ba da rubutu a jerin da ido ke gani maimakon jerin da aka buga. Irin wannan sake bugawa ya fi sauri.

Layin farko: sallama ta ja jimlar duka

Ga abin da Malam ya buga:

```
SALLAMA Muna gayyatar ku walimar KHATMA ranar Asabar.
```

Ga abin da ya fito a waya:

```
.ranar Asabar KHATMA Muna gayyatar ku walimar SALLAMA
```

Sallamar ce ta zo farko, don haka na'ura ta ɗauki layin na Larabci ne. Ta fara jerawa daga dama: sallama, sai gungun Hausa na farko, sai kalmar Larabci, sai gungun Hausa na biyu. Cikin kowane gungu kalmomin boko suna tafiya yadda suka saba, shi ya sa "ranar Asabar" bai juya ba, gungunan ne suka sauya wuri. Ɗigon ƙarshe kuma ba shi da maƙwabci a gabansa, ya bi alƙiblar layin ya tafi can ƙarshen hagu. Wanda ya fara karantawa daga dama, yana tsallake gungu gungu, zai ga jimlar daidai take. Amma Bahaushen da ya ga boko daga hagu zai fara.

Duk lokacin da ka ga ɗigo ko alamar tambaya a farkon layin boko, kusan ko yaushe alƙiblar sakin layi ce ta juya.

A waya maganin bai wuce raba su ba. Sallama ta zauna a layinta, ka sauko, Hausa ta fara nata layin da harafin boko. Idan bayan haka ka ga saƙon yana jingina dama, tura sallamar a saƙo dabam, ko ka rubuta ta da boko. Malam bai so na ƙarshen nan ba, ya ce sallama da baƙaƙenta ta fi kwarjini, kuma da gaskiyarsa, don haka muka ba ta layinta.

A Word akwai maɓallai biyu na wannan aikin, a `Home` cikin sashen `Paragraph`: `Left-to-Right Text Direction` da `Right-to-Left Text Direction`. Idan ba ka gan su ba, ba a ƙara Larabci cikin harsunan Office ba. Shiga `File`, `Options`, `Language`, ka ƙara `Arabic`, ka rufe Word ka sake buɗewa. Daga nan sa alamar rubutu cikin sakin layin ka danna na hagu zuwa dama. Da madannai kuma, `Ctrl` tare da `Shift` na hagu yana mayar da sakin layi na boko, `Ctrl` da `Shift` na dama yana mayar da shi na Larabci. Wannan gajeriyar hanyar ce ma ke sa wani lokaci shafi ya juya maka ba gaira ba dalili, hannunka ne ya taɓa su biyun ya saki.

Kuskuren da yaron shagona ya daɗe yana yi shi ne danna `Ctrl+L` ko `Align Left`. Wannan tura layin yake yi gefe kawai, kamar ka ja tabarma daga wannan bango zuwa wancan. Jerin kalmomin yana nan yadda yake, ɗigon ma bai motsa ba.

Layin da ya jawo kiran waya

```
Na ɗaya zuwa na uku: A'ISHA, FAƊIMA, MARYAM.
```

ya fito haka:

```
Na ɗaya zuwa na uku: MARYAM ,FAƊIMA ,A'ISHA.
```

Wannan ya fi na farko haɗari domin ba ya kama da kuskure. Layin ya fara da boko, alƙiblarsa daidai ce, ɗigo yana inda ya dace. Matsalar waƙafi ce. Kowane waƙafi yana tsakanin sunan Larabci biyu, sai ya bi su, sunayen uku suka zama gungu ɗaya mai tafiya daga dama. A idon na'ura ba a yi laifi ba, haka Balarabe zai jera sunaye uku. Uban yarinya kuwa ya biyo jimlar daga hagu, sunan da ya fara cin karo da shi bayan ruwa biyu shi ne Maryam. Dubi inda waƙafin ya manne: yana gefen hagu na suna, ba dama ba. Wannan ce shaidar da za ka kama shi da ita.

Abin da ake bukata shi ne wani abu mai alƙiblar boko ya tsaya tsakanin sunayen ya raba su. Kowane harafin boko zai yi wannan aikin, shi ya sa na fi son magani da Hausa tsantsa:

```
Ta ɗaya A'ISHA, ta biyu FAƊIMA, ta uku MARYAM.
```

Yanzu kowane suna yana kewaye da boko, babu abin da zai ja shi, kuma duk wayar da aka tura wa haka za ta nuna. Ko "da" ko "sai" ka sa a tsakani, ya wadatar. Idan sunayen sun kai talatin kamar na masu sauka, yi tebur, lamba a gida ɗaya, suna a gida ɗaya. Kowane gidan tebur sakin layi ne mai zaman kansa.

Wani lokaci ba ka da ikon ƙara kalma, misali jerin sunayen littattafai da aka ce a bar shi yadda yake. A nan ake amfani da wani harafi da ba a gani, sunansa `LRM`, lambarsa `U+200E`. Ba shi da siffa, ba shi da faɗi, amma na'ura tana lissafa shi a matsayin harafin boko. Ɗan'uwansa `RLM`, `U+200F`, shi kuma ana lissafa shi a matsayin harafin dama zuwa hagu. Gurbin `LRM` daf da ƙarshen kowace kalmar Larabci, kafin waƙafi. A Word, mayar da madannai na boko, sa alamar rubutu bayan harafin ƙarshe na sunan, buga `200E`, danna `Alt+X`. Lambar za ta ɓace, sunan ya koma wurinsa. A Notepad na Windows 10 danna dama, `Insert Unicode control character`, ka zaɓi `LRM`. A jerin farko da ya fito da ka danna dama akwai `Show Unicode control characters`, wanda ke nuna maka inda ka dasa su, don in ba haka ba za ka manta.

Amma yana da iyaka. Kada ka sa shi cikin sunayen da ke rajistar ɗalibai a Excel. Harafi ne na gaske, `LEN` zai ƙirga shi, kuma sunan da ke ɗauke da shi ba zai yi daidai da wanda ba shi da shi ba idan `VLOOKUP` ya zo nema. Na taɓa ɓata yamma guda ina neman dalilin da sakamakon yaro ɗaya ya ƙi fitowa, ashe ni na dasa abin da hannuna. A kati da wasiƙa yake da amfani, ba a ma'ajiyar bayanai ba.

Lambobi, waɗanda suka fi kowa rashin tsayawa

```
Za a karanta BAƘARA 1-5 kafin addu'a.
```

ya zama:

```
Za a karanta 5-1 BAƘARA kafin addu'a.
```

Lamba tana kallon harafin da ya gabace ta. Idan na Larabci ne, sai ta shiga tawagarsa, ta koma hagunsa, domin a tafiyar Larabci hagu ne gaba. Alƙaluman da ke manne da juna ba sa juyawa, 255 yana nan 255. Ruwa biyu a tsakanin alƙaluma ma yana riƙe su, don haka 10:30 ko 2:255 ba sa rabuwa. Karan ɗori da tazara kuwa, bayan kalmar Larabci, ba sa riƙewa. Shi ya sa aya ta 1 zuwa ta 5 ta fito kamar za a fara daga biyar a sauko.

Inda abin ya fi cutarwa shi ne lambar waya. In ka rubuta "a tuntuɓi" da sunan malami da Larabci, sannan lamba mai gungu uku da tazara a tsakani, gungun ƙarshe zai dawo farko. Lambar za ta yi kama da lamba, sai dai ba ta shiga. Duba ko sifilin farko yana nan a hagu. Magani ɗaya ne da na sunaye: kalmar boko kafin lambar. "BAƘARA aya ta 1 zuwa 5", "a wannan lamba". Ko `LRM` daf da ƙarshen kalmar Larabcin.

Word yana da wata ɗabi'a tasa a nan, kuma saninta na rage wahala. Yana lura da madannan da ke kunne lokacin da ka buga tazara, waƙafi ko lamba, ya liƙa musu alƙiblar wannan harshen. Saboda haka in kana bugawa kai tsaye, da ka gama harafin ƙarshe na kalmar Larabci, danna `Alt+Shift` ka dawo boko kafin ka buga tazara. Yawancin mutane sai sun buga tazara da waƙafi sannan su sauya, a nan 'yan rakiyar ke bin Larabci. In ya riga ya faru, goge tazarar da waƙafin kawai, ka sake buga su da madannan boko.

Wannan ɗabi'ar ce kuma ke sa rubutun da ya zauna daram a Word ya watse idan ka kwafa zuwa WhatsApp. Alƙiblar da ka zaɓa da maɓalli ado ce ta fayil ɗin, kamar kauri ko launin rubutu, ba ta bin kwafi zuwa inda ake karɓar rubutu tsura. Can sai a koma duba harafin farko. Don haka katin da za a buga da saƙon da za a tura, kowanne a duba shi a inda zai zauna.

Abin da ba a yi

Kafin Malam ya iso, wani ɗalibinsa ya gwada taimakawa: ya sake buga sunayen a baibai, Maryam farko, don su fito daidai a sikirin. A wayarsa sun fito daidai. Amma gyaran yana rayuwa ne muddin sunayen uku suna layi ɗaya. Na'ura tana yanka layi bisa jerin da aka buga, sannan ta juya abin da ke cikin kowane layi. A wayar da sikirinta ya fi ƙanƙanta, ko ta dattijon da ya ƙara girman rubutu, layin ya karye bayan sunan farko, Maryam ta zauna a sama ita kaɗai, ta sake zama ta ɗaya. Wanda kuma ya zo daga baya zai gyara fayil ɗin ba zai gane me ke gaba da me ba. Idan gwajin `^p` ya nuna maka jeri a baibai, irin wannan taimakon ne.

Daga Word zuwa wurin ɗab'i

Masu ɗab'in kati a garin nan CorelDRAW suka fi aiki da shi, kuma ba kowa ke da sabo ba. Tsofaffin nau'o'insa, da tsohon Photoshop da ba a kunna masa tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya ba, su ne ke rarraba baƙaƙen Larabci su jera su daga hagu. Mai ɗab'in da bai yi makarantar allo ba zai iya buga kwafi ɗari biyar na bisimilla a wargaje bai lura ba.

Don haka ba na ba su rubutu, siffa nake ba su. In na gama gyara a Word, sai `Save As` na zaɓi `PDF`, na buɗe shi na karanta layi layi da ido. A CorelDRAW idan aka shigo da `PDF` yakan tambayi yadda za a ɗauki rubutun, `Text` ko `Curves`. A zaɓi `Curves`. Baƙaƙen sun zama zane ke nan, ba alƙibla, ba neman salon rubutu, ba abin da zai motsa. Illarsa ita ce ba a iya gyara harafi a ciki, don haka ajiye fayil ɗin Word, in an gano kuskure can za ka koma ka sake fitarwa.

Masu ajami su ƙara duba abu ɗaya kafin su fitar da `PDF`. Ajami yana bin duk ƙa'idojin da na faɗa, amma yana da baƙaƙe da wasula da salon rubutun Larabci na yau da kullum ba lallai ya ƙunsa ba, irin ɗigon imala da ke ƙarƙashin harafi da fa da ƙaf na rubutun Warshu. In ka ga akwati a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya fito da wata siffa dabam ya ƙi haɗuwa da 'yan'uwansa, sauya zuwa `Alkalami`, wanda aka zana bisa hannun Kano, ko `Harmattan`. Dukansu na ƙungiyar SIL ne mai aikin harsuna, kuma kyauta ake sauke su.

Na Malam mun buga gwaji ɗaya a farar takarda tukuna. Ya sa tabarau, ya bi da yatsa daga sallama har lambar waya, ya ɗauki wayarsa ya buga lambar kamar yadda take a takardar. Wayar ɗalibinsa ta yi ƙara a aljihu. Sannan ya ce a kai wa mai ɗab'i, kwafi ɗari uku, a kuma sake tura saƙon ga iyayen yara da sunayen a jere, ta ɗaya, ta biyu, ta uku.